Shekarar 2100 Ba Za Ta Ga 29 Ga Fabrairu Ba

Ka tsayar da ɗan sakandare ka tambaye shi yaushe watan Fabrairu ke cika kwana 29, ba zai ɓata lokaci ba zai ce maka duk bayan shekara huɗu. Ka tambayi mahaifinsa ma, amsar ke nan. Kuma ba za ka ga laifinsu ba, domin tun daga 1904 har zuwa yau hakan take tafiya, ba a taɓa fashi ba. Amma wannan rabin ƙa'idar ce. Jaririn da za a haifa ranar 29 ga Fabrairu 2096, idan Allah ya raya shi, ba zai sake ganin wannan rana a kalanda ba sai 2104, yana ɗan shekara takwas. Shekarar 2100 tana rabuwa gida huɗu ba ragowa, duk da haka Fabrairunta a 28 zai tsaya.

Tushen maganar shi ne, kwana da shekara ba tare suke tafiya ba. Kwana juyawar duniya ce a kan kanta, shekara kuwa kewayenta ne ga rana, kuma babu abin da ya tilasta wa ɗaya ya shiga cikin ɗaya cif-cif. Idan aka auna zagayowar yanayi, wato daga bazara zuwa wata bazarar, ana samun kwana 365 da awa 5 da minti 48 da kimanin daƙiƙa 45. Kalanda kuwa ba ta san guntun kwana ba. Ba a buga ranar da ke da awa shida a cikinta. Dole ko dai a yi watsi da wannan ragowa, ko kuma a riƙa tara ta har ta cika kwana guda a saka.

Mutanen Masar na dā watsi da ita suka yi, shekararsu ta hukuma kwana 365 ce kullum. Abin da ke biyo bayan haka ba ya da wuyar lissafi. Kalanda za ta riƙa shige wa yanayi gaba da kusan kwana ɗaya duk shekara huɗu, wato kimanin kwana 24 a shekara ɗari. Da haka muke tafiya a nan, cikin shekara 750 ko makamancin haka sai a wayi gari ana jin ɗumin hunturu a watan Yuli, ana kuma tsakiyar damina a Janairu.

Kaisar ya biya fiye da bashin

Yuliyas Kaisar, mai mulkin Rum, shi ya kafa tsarin shekara huɗu-huɗu, bisa shawarar wani masanin taurari na Iskandariya mai suna Sosijinis. Tsarin ya fara aiki a shekara ta 45 kafin Miladiyya: shekara uku masu kwana 365, ta huɗu mai kwana 366. Wannan ta huɗun ita ce shekara mai ƙarin kwana, wadda masu hisabi ke kira kabisa. Ko a lokacin ma ba a kama hanya nan take ba. Bayan an kashe Kaisar, waɗanda ke kula da kalandar suka riƙa ƙara kwanan duk shekara uku, sai da Sarki Augustas ya zo ya dakatar da ƙarin na wani lokaci kafin lissafi ya koma daidai.

Ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu yana nufin an ɗauka ragowar kowace shekara awa shida ce cif. Alhali awa shida ce ba minti 11 da 'yan daƙiƙu. Kamar mutumin da ake binsa ɗari ba ɗaya ne, amma kullum ya miƙa ɗari ba ya karɓar canji. A yini ɗaya ba abin magana ba ne, in aka daɗe kuwa shi zai koma yana bin bashi. Kwana ɗaya minti 1,440 ne. Raba shi da minti 11 da kwata, za ka samu 128. Ke nan duk shekara 128 kalandar Kaisar tana yin rarar kwana ɗaya, tana ja da baya ga barin yanayi.

Babu wanda zai lura da wannan a tsawon rayuwarsa. Waɗanda suka lura su ne malaman coci, domin bikin Ista an ɗaura shi ne a kan ranar da dare da yini ke daidaita a watan Maris. A zamanin babban taron limaman Kirista na birnin Nikiya, a shekarar 325, wannan rana tana faɗowa wajen 21 ga Maris, kuma a kanta aka gina lissafin bikin. Daga 325 zuwa 1582 shekara 1,257 ce. Raba da 128, ka samu kusan goma. Haka kuwa aka yi: a ƙarni na 16 dare da yini suna daidaita ne wajen 11 ga Maris, kalanda kuwa tana jiran 21.

Fafaroma Giregori na 13 ya yi gyara iri biyu a 1582, bisa tsarin da wani likita ɗan Italiya, Aloyisiyas Liliyas, ya zana, kuma masanin lissafi Kiristofa Kilabiyas ya tsaya masa. Na farko shi ne share rarar da ta riga ta taru: aka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, aka tashi ranar Juma'a 15 ga Oktoba. A lura, lambar kwanan wata ce ta yi tsalle, jerin ranakun mako bai motsa ba. Na biyu, wanda shi ne ya shafe mu, shi ne toshe ƙofar da rarar ke shigowa.

Ƙa'idar kanta

Rarar kwana ɗaya a shekara 128 tana nufin kwana uku da ɗan ɗoriya a shekara 400. Sai a nemi kabisa uku a cikin kowace shekara 400 a soke su. Tambayar ita ce, waɗanne? Aka zaɓi waɗanda ba za a manta ba, wato shekarun cikon ƙarni, masu ƙarewa da sifili biyu. Su huɗu ne a cikin shekara 400, ana buƙatar uku kawai, don haka aka bar wa ɗaya ƙarin kwananta.

Ga yadda ake gwada kowace shekara. Raba ta da huɗu. In an samu ragowa, magana ta ƙare, kwananta 365. In ba ragowa, duba ko ta ƙare da sifili biyu. In ba ta ƙare da su ba, kabisa ce, kamar 2024 da 2028. In ta ƙare da su, sai a sake raba ta da 400. Wadda ta rabu ba ragowa ita kaɗai ke riƙe 29 ga Fabrairu. Akwai gajeriyar hanya: goge sifilan biyu, ka raba abin da ya saura da huɗu. Ga 1900, 19 ya saura, ba ya rabuwa, don haka ba kabisa ba ce. Ga 2000, 20 ya saura, ya rabu, kabisa ce. 1700 da 1800 da 1900 sun rasa, 1600 da 2000 sun samu, 2100 da 2200 da 2300 za su rasa, 2400 za ta samu.

A nan ne dalilin da ya sa ƙa'idar ta ɓuya mana. Cikon ƙarni ɗaya tilo da mutanen wannan zamani suka gani shi ne 2000, ita kuwa ita ce ɗaya cikin huɗun da aka ɗaga wa ƙafa. Wanda ya san cikakkiyar ƙa'ida da wanda ya san rabinta, duk amsa ɗaya suka bayar a wannan shekara. Wanda ya shiga uku shi ne mai sanin kashi biyu cikin uku, wanda ya ji cewa cikon ƙarni ba ya samun ƙari amma bai ji maganar 400 ba.

Mu ƙirga kwanaki

Ɗauki ranar da Nijeriya ta samu 'yancin kai, Asabar 1 ga Oktoba 1960. Kwana nawa ne daga nan zuwa cikarta shekara ɗari, 1 ga Oktoba 2060, kuma wace rana ce za ta kama?

Shekara ɗari sau 365 ya ba da 36,500. Saura a ƙirga sau nawa aka ratsa 29 ga Fabrairu. Ba sai an jera shekarun a takarda ba. Ga kowace shekara, raba ta da 4, ka cire abin da ka samu in ka raba ta da 100, ka ƙara abin da ka samu in ka raba ta da 400, kana zubar da ragowa a kowane rabo. Ga 2060: 515, a cire 20, a ƙara 5, ya zama 500. Ga 1960: 490, a cire 19, a ƙara 4, ya zama 475. Bambancinsu 25. Ita 1960 kabisa ce, amma Fabrairunta ya wuce kafin Oktoba, don haka daidai ne da ba ta shiga ba. 2060 kuwa ta shiga, domin nata Fabrairun yana cikin tsakanin. Wannan duba na baki biyun shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, kuma kuskuren kullum na kwana ɗaya ne.

Jimla ke nan kwana 36,525. Raba da bakwai, ragowa shida. Ƙirga shida daga Asabar: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Bikin cika shekara ɗari zai kama ranar Juma'a.

Yanzu a ƙara wata shekara ɗarin, zuwa 1 ga Oktoba 2160. Ga 2160: 540, a cire 21, a ƙara 5, ya zama 524. Cire 500, saura 24. Wannan karon kwana 36,524 ne, domin an ratsa 2100. Ragowarsa in an raba da bakwai biyar ce, daga Juma'a sai Laraba. Wanda ya tafi da shekara huɗu-huɗu zalla zai ce Alhamis. Haka ma in aka koma baya, daga 1 ga Oktoba 1860 zuwa 1 ga Oktoba 1960 kwana 36,524 ne saboda 1900. Shekara ɗari dai ba tsawo ɗaya gare ta ba, ya danganta da wane cikon ƙarni ne ke cikinta.

Abin da ba ya canzawa shi ne shekara 400. Daga duk inda ka fara, za ka samu kabisa 97 da kwana 146,097. Wani abin sha'awa, wannan adadi yana rabuwa da bakwai ba ragowa: mako 20,871 cif. Saboda haka kalandar Miladiyya tana maimaita kanta gaba ɗaya, har da ranakun mako, duk shekara 400. Ranar 1 ga Janairu 2000 Asabar ce, ta 1600 ma Asabar ce a wannan kalanda, ta 2400 ma haka za ta kasance.

Akwai ƙaramin zagaye da masu ajiye tsohuwar kalanda suka sani, cewa bayan shekara 28 za ta sake amfani. Gaskiya ne, kalandar 1996 ita ce ta 2024, ita ce kuma ta 2052 da 2080. Amma daga nan igiyar ta tsinke. Ba 2108 ce za ta biyo ba, sai 2120, bayan shekara 40. Zagayen 28 yana aiki ne kawai muddin ba a tsallaka cikon ƙarnin da aka soke masa ƙari ba, kuma mun yi sa'ar zama a tsakiyar dogon fili daga 1901 zuwa 2099 inda babu irinsa.

Wannan fili ya lalata masu lissafi da yawa. Ana yawan raba adadin kwanaki da 365.25 don a samu shekaru, kuma a cikin wannan tsakani ba laifi. A kan shekara 400 kuwa zai ba ka 146,100, rarar kwana uku, wato kuskuren Kaisar ya dawo ta bayan gida. Matsakaicin da ya dace shi ne 365.2425. Har manhajar Excel da ke kan kwamfutocin ofisoshinmu tana ɗauke da wannan tabo: ta yarda akwai 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba. Ta gaje shi ne daga Lotus 1-2-3 da ta gabace ta, aka kuma bar shi da gangan don kada tsofaffin takardun lissafi su rikice. Illarsa kaɗan ce, ta tsaya ga kwanakin da suka gabaci 1 ga Maris 1900, amma yana nuna yadda rabin ƙa'ida ke shiga wuri ya zauna.

Giɓin da ke ƙara faɗi

Ba duka ƙasashe ne suka bi Fafaroma a 1582 ba. Sifen da Fotugal da Folan da yawancin Italiya sun bi nan take, waɗanda ba Katolika ba suka noƙe. Duk wanda ya jinkirta kuwa, abin da zai biya ƙaruwa yake, domin kowane cikon ƙarni da tsohuwar kalanda ta ba ƙari, sabuwa ta hana, giɓin ya ƙaru da kwana ɗaya. Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta sun jira har 1752, bayan 1700 ta wuce, sai suka share kwana 11: daga Laraba 2 ga Satumba aka tashi Alhamis 14 ga Satumba. Rasha ta kai 1918, ta share 13, daga 31 ga Janairu zuwa 14 ga Fabrairu. Shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba, wanda ya faru 25 ga Oktoba 1917 a lissafinsu, ake tunawa da shi ranar 7 ga Nuwamba.

Suwidin ta so ta yi dabara, ta ce za ta riƙa soke kabisa ɗaya bayan ɗaya har ta cim ma sabuwar kalanda ba tare da tsalle ba. Ta soke ta 1700, yaƙi ya ɗauke hankali, aka bar ta 1704 da 1708. Sai ta tsinci kanta ba ta tare da kowa. Don ta koma tsohuwar kalanda sai da ta ƙara kwana biyu a Fabrairun 1712, aka yi 30 ga Fabrairu. Sai 1753 ta hakura ta yi tsallen da ta guje wa.

Mai karanta tarihi dole ya riƙa tambayar da wace kalanda aka rubuta kwanan wata. Masanin kimiyya Aizak Niyuton an haife shi 25 ga Disamba 1642 a lissafin Ingila na lokacin, wanda ya yi daidai da 4 ga Janairu 1643 a sabuwar kalanda. Ba kwanan kaɗai ba, har shekarar ta sauya.

Kuma maganar ba ta zama tarihi ba tukuna. Cocin Rasha har yanzu da kalandar Kaisar take aiki, shi ya sa Kirsimetinta na 25 ga Disamba ke faɗowa 7 ga Janairu. Bayan Fabrairun 2100 giɓin zai zama 14, bikin ya koma 8 ga Janairu, in ba su sauya ba. A nan Afirka ma, kalandar Habasha, mai wata goma sha biyu na kwana talatin-talatin da ɗan ƙaramin wata na sha uku mai kwana biyar ko shida, tana ƙara kwananta duk shekara huɗu ba togiya. Sabuwar shekararsu da ke kamawa 11 ga Satumba, wani lokaci 12, za ta gusa gaba da kwana ɗaya bayan 2100.

Mai karatu zai iya tambaya, ita Hijiriyya fa? Ita ma tana da ragowa, amma abin da take bi daban ne. Wata goma sha biyu na sama kwana 354 ne da ɗan fiye da sulusin kwana. Masu hisabi sukan ɗauki shekara talatin su mai da goma sha ɗaya daga ciki kabisa, masu kwana 355, ƙarin ya faɗa kan Zulhajji. Wannan don kalanda ta tsaya tare da wata ne, ba don ta kamo yanayi ba. A wajen ibada kuwa, inda ake dogara da ganin wata kamar yadda ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi a Nijeriya, ragowar tana gyara kanta, wata ya yi 29 ko ya cika 30. Yanayi an sake shi ya tafi abinsa, shi ya sa azumi ke zagaya bazara da damina da hunturu ya dawo cikin kimanin shekara 33, kuma mai shekara ɗari a Miladiyya ya kai 103 a Hijiriyya.

Abin da ya saura

Gyaran 1582 ma bai share komai ba. Matsakaicin shekararsa, 365.2425, ya ɗara shekarar yanayi da kimanin daƙiƙa 27. Kafin wannan ya taru ya zama kwana ɗaya sai an yi shekara dubu uku da ɗoriya. Masanin taurarin Ingila Jon Hashal ya taɓa ba da shawara a ƙarni na 19 cewa a ƙara mataki na huɗu, a hana shekarar 4000 da ninkinta ƙarin kwana. Ba wanda ya karɓa, kuma a ganina an yi daidai. Ita kanta duniyar juyawarta tana raguwa sannu a hankali saboda jan wata a kan tekuna, kwana yana ƙara tsawo da abin da bai wuce 'yan ɓurɓushin daƙiƙa ba a ƙarni. Raguwar kuma ba a kan ƙa'ida ɗaya take tafiya ba. Kafa doka yau saboda kwana ɗaya na shekarar 4000 zai zama auna abin da ma'auninsa ke motsi.

Wasu dai sun gwada tsarin da ya fi matsewa. A 1923 masanin Sabiya Milutin Milankobic ya tsara wata kalanda da wasu cocin Otodoks, kamar na Girka da Romaniya, suka karɓa. A cikinta, cikon ƙarni yana samun ƙarin kwana ne kawai idan aka raba shi da 900 ragowar ta zama 200 ko 600. Gwada 2000: a cire 1,800, saura 200, ta samu. 2400 saura 600, ta samu. 2100 da 2200 da 2300 duk sun rasa. Ke nan tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tamu, ba za ka iya bambanta su a bango ba. Sai an kai 2800 za su rabu: ta Giregori za ta ba ta 29 ga Fabrairu domin tana rabuwa da 400, ta Milankobic kuwa za ta hana ta, domin ragowarta 100 ce, ta ajiye ƙarin sai 2900.